Idan zuciyar mutum ta rabu biyu

Babban abin da aikin ba da shawara ya koya mini shi ne, mutumin da ya kasa barin sigari ko giya ba jahilci ne ke damunsa ba. Ya san illar, wani lokaci ma ya fi ka sani, tunda a jikinsa take. Zuciyarsa ce ta rabu biyu: yana son bari, yana kuma son ci gaba. Da zarar ka kama ɓangaren bari kana jero masa hujjoji, shi kuma sai ya kama ɗaya ɓangaren yana karewa. Kana cewa "za ta lalata maka huhu", yana cewa "eh, amma kakana ya sha har ya tsufa". Mutum kuwa ya fi yarda da abin da ya fito daga bakinsa. Ka ga ke nan ka sa shi ya ƙara gamsar da kansa cewa kada ya bari.

Wannan ne masanin halayyar ɗan Adam William Miller ya lura da shi a aikinsa da masu shan giya, ya rubuta a kai a 1983, sannan shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a 1991. Dabarar da suka kawo, wadda ake kira "motivational interviewing" a Turance, ita ce a juya hirar yadda dalilan canji za su fito daga bakin mai matsalar.

Wani magidanci da tari ya dame shi aka turo mini. Bai ko gama zama ba ya ce, "Na san abin da za ka faɗa." Na ce, "Malam, an sha yi maka wannan maganar, har ka gaji da ji." Ya ce ƙwarai. Sai na tambaye shi, "Me sigari take yi maka a rayuwarka?" Da na ce "Kana son ka bari?", da amsar ba ta wuce eh ko a'a ba. Buɗaɗɗiyar tambaya ita ce wadda ba ta amsuwa da kalma ɗaya. Ya yi bayani mai tsawo: ita ce ke kwantar masa da hankali idan aiki ya yi zafi, ita ce abokiyar hirarsa da dare. Can ƙarshe ya ce ƙaramar 'yarsa ta daina hawa cinyarsa saboda wari.

A nan sauraro yake aiki. Ba tambaya na sake jefa masa ba, mayar masa da maganarsa na yi: "Sigari tana sauke maka gajiya, kuma tana nesanta ka da 'yarka." Da gangan na ce "kuma", domin "amma" tana share abin da ya gabace ta, shi kuwa duka biyun gaskiya ne a wurinsa. Na kuma ajiye batun yarinyar a ƙarshe, saboda mutum yakan ɗora ne daga inda ka tsaya. Murya ma sai an kula da ita: a sauke ta a ƙarshen jimla. Idan ta tashi ta zama tambaya, sai ya ji kamar ana tuhumarsa. Abin da ake koya mana shi ne irin wannan mayar da magana ya fi tambayoyi yawa.

Sai ya turje. Ya ce, "Ni fa ba zan iya bari ba, na gwada na kasa." Ban musa ba, ban kuma ce "za ka iya" ba. Na ce, "Ka gwada, abin ya yi maka wuya. Bari ko rashin bari kuma a hannunka yake, babu mai yanke maka." Turjiya alama ce ta cewa na yi gaba na bar shi a baya, don haka nakan ja birki. Ana gane ta idan ya fara katse ka, ko "eh, amma" ta yawaita, ko amsoshinsa suka koma guntaye yana duban ƙofa.

Daga baya na ce ya auna muhimmancin barin a wurinsa, daga 0 zuwa 10. Ya ce 4. Na ce, "Me ya sa 4, ba 1 ba?" Da na ce me ya sa ba 8 ba, da uzurori zai lissafo. Amma yanzu shi da kansa ya kawo tarin, da numfashin da ke yanke masa a matakala, da yarinyar. Bai bar sigari a ranar ba. Ya dai ce zai daina sha a cikin gida, kuma shi ya kawo shawarar.

Hanyar tana da iyaka. Wanda ya riga ya yanke shawara, tsari yake buƙata, ba a mayar da shi baya ana tono shakkunsa. Wanda rayuwarsa ke cikin haɗari a take, kamar mai maganar kashe kansa, mataki ake ɗauka nan da nan. Mai shan giya sosai kullum kuma, idan ya ce zai bari, dole a gaya masa kada ya yanke lokaci ɗaya ba tare da kulawar likita ba, domin hakan na iya jawo jijjiga mai haɗari.