Caja ɗaya, waya huɗu: wasan da muka yi a Gadarif

Bayan yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023, gidanmu na Gadarif, a gabashin Sudan, ya cika da dangi, har aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Wuta takan zo ta ɗauke ba sallama, cajar da ke aiki da kyau kuma guda ɗaya ce. A nan muna ce mata shahin, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Na ga manya masu mutunci suna ɓata rai da juna a kanta, sai na yi niyyar rubuta ɗan wasan barkwanci na minti shida domin daren Sallah, ko mutanen gidan sa yi dariyar abin da ke haɗa su faɗa kullum.

Rubutun farko bai yi ba. Na sa mutum biyar sun rufar wa cajar tun daga buɗe wasa, kowa na ihu. A gwaji aka yi dariya na ɗan lokaci, daga nan wasan ya tsaya cik, don wanda ya fara da ihu ba shi da inda zai ƙara hawa. Alamar da na gane da ita ke nan: 'yan wasan suka shiga maimaita “tawa ce, tawa ce”, saboda ban ba su wata sabuwar hujja ba.

Da na sake zama, sai na bar murya na koma kan haƙƙi. Duk wanda zai shigo, dole ya fi na gabansa iko a gidan, dole kuma dalilinsa ya fi na gabansa rauni. Wannan saɓanin shi ne tsanin wasan. Budurwar gidan ce ta fara sa wayarta, tana da kashi 3 cikin ɗari, malaminsu zai turo darasi ta WhatsApp. Dalilinta ya fi na kowa ƙarfi, ikonta ya fi na kowa ƙanƙanta. Sai yayanta ya shigo:

YAYA: Cire mini, minti biyu kawai.
ƘANWA: Yaya, jiya ma minti biyun ne ya kai asuba.
YAYA: Nawa gare ki?
ƘANWA: Uku.
YAYA: Ai ke mai kuɗi ce. Ni biyu gare ni.

Bai gama juya baya ba Baba ya yi gyaran murya daga ƙofa. Ya sayar da riɗi a kasuwa, yana jiran shaidar kuɗin ta manhajar banki ta Bankak. A gwaji wanda ya fito a yaya ya ɗaga wa Baba murya, nan take na ga fuskokin iyayenmu mata sun canja. Ɗa ba ya yi wa uba tsawa a gaban jama'a a yi dariya, ko da wasa ne. Sai muka juya abin: ya durƙusa, ya ce “Allah ya ƙara girma, Baba, ga ta”, yana miƙa bakin cajar da hannun dama, hannun hagu kuma ya riƙe igiyar gam a bayansa. Baba na ja, shi yana ta addu'a. Ladabin da kansa ya zama abin dariya, kuma babu wanda aka ci wa fuska.

Mataki na huɗu na Habboba ne, wato kaka. Wayarta na da kashi 90, amma ta rantse idan ta sauka daga ɗari “ba ta jin muryar mutane sosai”. Baba da ya kori kowa yanzun nan ya koma yaro: “To, Hajiya, a yi haƙuri, a bar ni minti biyu.” Kalmar yaya ce ta dawo a bakin uba, kuma nan aka fi tuntsirewa. Ban sa masa sabuwar magana ba da gangan, don jin tsohuwar magana a bakin da bai dace da ita ba ya fi sabon barkwanci tasiri.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka ci mana lokaci. Na farko, wani yaro ya tambaye ni a gwaji yadda caja ɗaya za ta shiga wayar kowa, alhali wasu bakin Type-C gare su, wasu tsohon ƙaramin baki. Gaskiyarsa ce, kuma mai kallon da ke wannan lissafi ya daina dariya. Muka sa ƙanwa ta faɗa a layinta na farko cewa cajar nan kaɗai ce mai bakin C a gidan, magana ta ƙare. Na biyu, igiyar caja ta gaske ba ta ganuwa daga bayan tsakar gida, adadin batir kuma ba ya zama a kai idan an ji shi sau ɗaya. Muka yi amfani da farar igiyar shanya mai kauri, muka tsayar da yarinya a gefe da kwalaye, duk lokacin da aka cire wata waya sai ta ɗaga sabuwar lamba: 3, 2, 1. Mutane suka riƙa ƙirgawa da ita da baki.

Ƙarshen wasan ya dogara ga Auta. Sau uku yana cewa “Baba…”, sau uku ana ce masa yara ba sa sa baki a maganar manya. Abin da yake son faɗa shi ne kan cajar ba ya jikin bango, Habboba ta zare shi tun farko ta sa rediyonta. Da farko na ɓoye wannan har ƙarshe don ya zo ba zato. Dariya ɗaya ya ba mu, gajera. A gwaji na ƙarshe muka bar masu kallo su ga Habboba tana zarewa tun a daƙiƙun farko, kan cajar na lilo a fili. Daga nan kowace rantsuwa da kowane durƙuso suka zama abin dariya sau biyu, don masu kallo sun san ana kokawa ne a kan igiyar da babu wuta a jikinta. Da aka bar Auta ya yi magana, Baba ya ruga ya soka cajar, sai wanda muka ajiye a bayan ƙofa ya kashe fitila. An ɗauke wuta. A cikin duhun Habboba ta ce, “To, wa zai ara mini tocila?”

Akwai mataki ɗaya da na cire, kuma har yau ina tuna dalilin. Na rubuta wa Inna shigowa tana cewa tana jiran kiran ƙaninta da ya rage a Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum. A tsarin tsanin, na ɗauka hujja ce mai ƙarfi da za ta rikita kowa. Da aka faɗi layin a gwaji, tsakar gidan ta yi tsit. Goggona da ke zaune a bakin rumfa ta tashi ta shiga ɗaki, don ita a lokacin kiran nan take jira da gaske, kuma saboda shi take kwana da waya a hannu. Na bi ta na ba ta haƙuri, na soke layin a daren. Inna ta fito a wasan ba waya a hannunta, tana raba faɗa da muciya. Ranar Sallah Goggo ta zauna a sahun gaba, kuma ita ta fara ƙirga lambobin kwali da ƙarfi.