Sana'ar oda, kudin mutum kafin kaya

Wallahi abin da ya rike ni lokacin da ba ni da jarin tara kaya shi ne dinki na oda. Mutum ya zabi yadi da salo, na auna shi, ya ba da kafin alkalami da zai sayi yadin da zare gaba daya, ladan hannu kuma sai ranar karba. Amma fa kudin nan amana ne, kar ka taba na wani ka yi wa wani aiki, daga nan ake fara kwana da bashi. Kuma ka tambayi farashin yadi a ranar kafin ka yanke kudi, in ya tashi bayan ka karba, kai za ka cike gibin. Ranar da ka sa kuwa, ka cika ta.