Wasiƙa daga Ingila: kada ku yi wa amsar intabiyu hadda

Assalamu alaikum 'yan uwana ma'aikatan jinya na Gumel, Maigatari da ƙauyukan kewaye. Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan iyali na lafiya.

Da yawanku kun ci jarrabawar IELTS, kuna jiran asibiti ya kira ku intabiyu ta bidiyo. Ni a karon farko faɗuwa na yi, kuma ba ƙarancin Turanci ne ya kayar da ni ba. Na rubuta amsoshi, na haddace su kamar yadda muka saba tun makarantar allo. Ina tsakiyar zubo amsa sai matar da ke yi mini tambayoyin ta katse ni, ta ce me ya sa na yi hakan. Nan take zaren ya tsinke, sai na ji kaina ina komawa farkon jimla. Daga nan suka gane hadda ce.

A karo na biyu labari na riƙe, na ƙyale jimlolin. Sukan ce ka ba su labarin ranar da jikin majinyaci ya rikice a hannunka. Na zaɓi wani dattijo da na kwana da shi a ɗakin maza, na rubuta gaɓoɓi huɗu a ƙaramar takarda: halin da na tarar, nauyin da ke kaina, abin da na yi, da yadda aka ƙare. Awon jininsa ya sauko 85 bisa 50, bugun zuciya ya kai 120, na kwantar da shi, na kira likita, aka sa ruwa, na riƙa awo duk minti goma sha biyar har ya daidaita. Kullum bayan la'asar nakan faɗi wannan labari da Turanci cikin minti biyu, ina ɗauka a waya, kuma kowace rana da kalmomi daban. Ƙanena na sa ya riƙa katse ni da tambaya duk inda ya ga dama.

Da na saurari muryata na kama wani abu. Ko'ina "muka yi" nake cewa, domin a gida an hore mu da kunya, ba ma son yabon kai. Su kuwa maki suke rubutawa a kan abin da kai ka yi da hannunka. In ka ce "mu", ba su san ko kallo kawai ka tsaya yi ba. Sai da na yi mako biyu kafin "na yi" ya zauna a bakina ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Ku yi gwajin a ɗakin da za ku zauna ranar, ku ga ko sabis na riƙe bidiyo a nan. Ku kuma duba agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, ƙarfe goma na Ingila sha ɗaya ne a Jigawa.

Allah ya ba da sa'a. A gaida mutanen gida.

'Yar uwarku a Ingila