Abin da ya sa na mayar da faifaina exFAT, da abin da na rasa

Aikina haɗa bidiyo ne a kwamfuta mai Windows, abokin aikina kuma Mac yake amfani da ita, ga faifan ajiya na waje guda ɗaya mai 2TB da muke miƙa wa juna. Faifan ya zo da NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows. A wajena lafiya lau yake aiki. Da abokin nawa ya jona shi a Mac, fayiloli suka fito, bidiyo ya buɗe, amma da ya zo saka aikin da ya gama sai abin ya ƙi. Ba kwafa, ba gogewa, ko canza sunan fayil ba ya yiwuwa. Ya duba Get Info, ya ga an rubuta "You can only read". Faifan bai lalace ba. Haka macOS take da NTFS: tana karantawa, amma ba ta rubutu a kai sai an saka mata wata manhaja ta daban.

Ban so in dogara da wannan manhajar ba, domin duk Mac ɗin da faifan zai je sai an saka mata ita. Tsohon tsarin FAT32 kuwa ba ya cikin lissafi, tunda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, bidiyonmu kuma yakan wuce haka. Sai exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006. Windows da macOS duk suna karanta shi suna rubutu a kai, Linux ma ta karɓe shi cikin ƙashin bayanta tun 2019.

Canza tsari yana shafe komai, don haka sai da na kwashe fayilolin zuwa wani wuri, na buɗe wasu daga ciki na tabbatar sun kwafu daidai. Sannan na danna faifan da maɓallin dama a File Explorer, na zaɓi Format, na sa exFAT a ƙarƙashin File system. Daga ranar aiki ya riƙa shiga yana fita ta ɓangarorin biyu.

Inda na fi so a kula shi ne abin da aka bari a baya. NTFS yana da wani littafin shaida a cikinsa: kafin ya taɓa tsarin fayiloli sai ya rubuta abin da zai yi, ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, zai duba littafin ya daidaita kansa. exFAT ba shi da wannan. Na ga illar haka ranar da wayar faifan ta motsa ana cikin kwafar babban bidiyo. Da na sake jonawa, Windows ta nemi a duba faifan, fayil ɗin da ake kwafa ya ƙi buɗewa, wata folda kuma tana nuna babu komai a ciki alhali wurin da ta ci bai dawo ba. Na buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator na rubuta:

```
chkdsk E: /f
```

E ɗin nan harafin faifan ne, naka zai iya bambanta. Foldar ta dawo, bidiyon da ya katse kuwa sai da na sake kwafo shi daga asalinsa. Shi ya sa yanzu ba na zare faifan sai na danna Eject kwamfutar ta sake shi, kuma ba na barin aiki ya zauna a kansa kaɗai.

Akwai kuma maganar girman gurbi, abin da Format ke kira Allocation unit size. A babban faifai Windows takan ba exFAT gurbi mai 128KB, NTFS kuwa 4KB. A exFAT kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, gurbi guda cikakke yake ci. Ɗauki fayiloli 10,000 masu 2KB kowanne: a NTFS za su ci kusan 40MB, a exFAT kuwa sama da 1GB. Ga mai bidiyo wannan ba komai ba ne, amma mai tarin ƙananan takardu gara ya zaɓi ƙaramin gurbi tun lokacin Format.

Da a ce kwamfutocin duk Windows ne, ko kuma Mac ɗin karɓa kawai za ta riƙa yi, da ban taɓa NTFS ba, domin ya fi jure yankewar wuta. Rubutu daga Mac ne ya tilasta mini exFAT, kuma faifan yanzu na jigila ne kawai, asalin kowane aiki yana kan kwamfutar mai shi.