Wasiƙar da na rubuta wa ɗan kwangilar da ya riƙe min kuɗin siminti

Buhu 120 na ba shi a kan 9,500 duk ɗaya, wato 1,140,000, a kan zai biya cikin wata guda. Ya turo 400,000, can ya sake turo 200,000, daga nan sai gafara sa, wata biyar kullum "gobe in sha Allah, Alhaji". Da na gaji na zauna da daddare na rubuta masa wasiƙa shafi uku, na ce masa macuci ɗan damfara, na ce ina bin sa 900,000 har da ribar da na rasa da kuɗin man da na ƙona wajen zarya, kuma in bai biya cikin awa 24 ba 'yan sanda za su ɗauke shi.

Allah ya taimake ni kafin in aika na nuna wa ƙanwar matata, lauya ce. Ta karanta ta ɗago kai ta ce "Yaya, wannan ai makami ka ƙera masa, in aka je kotu ita lauyansa zai fara ɗagawa."

Da lissafi ta fara. Ta ce nawa ne zan iya nunawa da takarda? Sai a lokacin na tuna akwai buhu 10 da ya dawo da su don sun sha ruwa sun daskare, kuma yarona ya karɓa ya rubuta a littafin shago, 95,000 kenan. Ni wallahi na so a yi shiru da wannan, tunda dai shi ma ya wahalar da ni, ta ce a'a, in ya fito da hoton shafin nan alƙali zai fara kallon duk sauran maganata da shakka. Muka cire 600,000, muka cire 95,000, saura 445,000. Rabin abin da na rubuta kenan, raina bai so ba. Ribar da na ce na rasa ta soke, don ba mu taɓa yin yarjejeniyar ƙarin wani abu in ya yi jinkiri ba, ba ni kuma da hujjar wani cinikin da ya kufce min.

Labarin da na yi shafi biyu ina zubawa ya koma layi shida masu lamba: ranar da aka kai kaya da lambar rasit, adadi da farashi, ranakun da kuɗi biyun suka shigo yadda suke a takardar banki, buhunan da aka dawo da su, sai saƙonsa na WhatsApp inda da kansa ya ce "na san da sauran kuɗinka, ka ƙara min sati biyu". Wannan saƙon ta ce ya fi duk zagin da na yi amfani, kar in kuskura in goge shi ko in sayar da wayar.

Wajen hujjar doka ni na zaci sai an jero sassa barkatai don a tsorata shi. Jimla biyu ta rubuta: an yi ciniki, an miƙa kaya ya karɓa, wa'adin biya ya wuce, don haka ya saɓa yarjejeniya kuma ragowar bashi ne a kansa. Maganar 'yan sanda kuwa ta cire ta gaba ɗaya, ta ce sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, in na sa aka tsare shi yana iya juyowa ya kai ni ƙara kan take haƙƙinsa, mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Kalmar ɗan damfara ma ta tafi, mutumin da ya biya fiye da rabi da wuya ka nuna tun farko cuta ya nufa.

Awa 24 ta koma kwana 14 daga ranar da ya karɓa, da lambar asusun da zai tura. Abin da zai biyo baya kuma ta ce in rubuta wanda zan iya yi da gaske kawai: in wa'adi ya cika bai biya ba zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka in nemi 445,000 da kuɗin shari'a gwargwadon yadda kotu ta ga dama, ba sai na sake sanar da shi ba.

Kwafi biyu muka buga, shafi ɗaya tak. Yarona ya kai masa wajen gini ya sa hannu da kwanan wata a kan nawa, na kuma tura masa hotonta ta waya don kar gobe ya ce bai gani ba.

Rana ta 11 alat na 300,000 ya shigo. Ya kira yana ta "haba Alhaji, har ta kai mu ga takarda?" Na ce ta kai. Ragowar 145,000 na sa ya rubuta da hannunsa cewa zai biya ƙarshen wata, maƙwabcin shagona ya sa hannu a matsayin shaida, takardar na nan cikin durowa tare da rasit ɗin.