Yadda nake tsayar da lokacin taro a Yamai ba tare da cin karo da salla ba

Ni ce sakatariyar wata ƙungiya mai biro a Yamai da reshe a Tawa, kuma duk takardar gayyata zuwa taro daga hannuna take fita. Abin da aikin ya koya mini shi ne, nauyin baki wajen ambaton salla a cikin gayyata yakan samo asali daga lokacin da aka zaɓa. Idan lokacin ya dace, kalma biyu ko uku sun wadatar. Idan bai dace ba, komai tausasa lafazi sai takardar ta fito kamar ana roƙon alfarma ko ana yi wa wani wa'azi.

Saboda haka kafin in rubuta komai, jadawalin salla na watan nake fara dubawa, domin lokutan ba sa tsayawa wuri ɗaya. A Yamai rana tana yin zawali wajen ƙarfe 12:35 a farkon Nuwamba, amma a tsakiyar Fabrairu sai ƙarfe 1 ta ɗan gota. Magariba kuwa ta fi azahar yawo, don a ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:20, a farkon Yuli kuwa sai wajen 7:20. Taron da aka sa daga ƙarfe 5 zuwa 6:30 yana tafiya lafiya lau a damina, amma da sanyi mutane za su fara duba agogo tun ba a kai ga yanke shawara ba. Tawa kuma tana gabas da mu, rana tana riga faɗuwa a can da kusan minti goma sha uku, shi ya sa duk taron da abokan aikinmu na can za su shiga ta waya, da magaribarsu nake lissafi.

Sai dai jadawali shigar lokaci kawai yake nunawa, alhali abin da ke tayar da mutane daga kujera shi ne lokacin da masallacin unguwa yake tayar da iƙama. Masallacin da ke kusa da bironmu yana yin azahar ƙarfe 2 saura kwata, la'asar kuma jim kaɗan bayan ƙarfe 4, kuma daga bakin mai gadinmu na samu wannan, shi da ba ya rasa sahun farko. A kan haka nake ware minti talatin cif ga kowace salla, domin akwai alwala, akwai jiran famfo ko buta idan mutane suna da yawa, akwai tafiya da dawowa, sannan akwai gaisuwar ƙofar masallaci wadda babu mai iya hana ta. Wanda ya rubuta hutun minti goma a ajanda, shi da kansa zai zauna yana kallon kujeru babu kowa. Da wannan lissafi, ranar aiki tana ba ni fili mai faɗi daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1, da wani ɗan ƙarami daga 2:30 zuwa 4, kuma duk maganar da ke buƙatar muhawara a na safe nake ajiye ta.

Lamarin da ya fi koya mini darasi ya taso ne daga wani abokin hulɗarmu da ke Dakar, wanda ya aiko da shawarar a yi taro ta bidiyo ranar Juma'a da ƙarfe 11:30 agogonsu, na tsawon sa'a ɗaya da rabi. Shi ma Musulmi ne, kuma a ganinsa ya kiyaye Juma'a sarai, tunda a Dakar wajen ƙarfe 2 ake sallar, ga shi taron zai ƙare ƙarfe 1. Amma agogon Senegal yana bayan namu da sa'a guda, don haka 11:30 nasu 12:30 ce a wurinmu, taron kuma zai kai mu ƙarfe 2. A daidai wannan tsakanin ne mutanenmu suke rufe biro, wasu su koma gida su yi wanka su canja tufafi, wasu su ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda cikin cunkoso, kowa yana son ya samu huɗuba tun daga farkonta. Juma'a ba kamar azahar ɗin sauran ranaku ba ce da mutum zai iya jinkirtawa kaɗan ya yi a kusurwar biro. Idan liman ya sallame, ta wuce.

Shugabanmu ya ce mini, "Hajiya, ki ba shi haƙuri, ki bayyana masa muhimmancin Juma'a a wurinmu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya san muhimmancinta kamar yadda muka sani, agogo ne kawai ya raba mu." Ga abin da na rubuta bayan gaisuwa: "Ƙarfe 11:30 agogon Dakar ta yi daidai da 12:30 a Yamai, lokacin da ake shirin tafiya sallar Juma'a. Muna ba da shawarar ranar Juma'ar da ƙarfe 10 agogon Yamai, wato 9 agogon Dakar, mu tashi 11:30, ko kuma ranar Litinin a wannan lokaci. Wanne ya fi muku sauƙi?" Babu ban haƙuri a ciki, babu bayanin addini, kuma dalilin ya zo a jimla ɗaya tamkar yadda za a ce jirgi zai tashi ƙarfe kaza. Ya zaɓi Juma'a da safe, har ya ƙara da cewa daga yanzu zai riƙa rubuta agogon biranen biyu.

A ganina abin da ya sa wasiƙar ta yi aiki shi ne ta zo da madadi har biyu. Ƙin lokaci ba tare da kawo wani ba shi ne yake tilasta wa mutum dogon bayani, dogon bayanin kuma shi ne yake jawo jin nauyi.

A gayyatar cikin gida kuwa, ba na rubuta "bayan la'asar" ita kaɗai, ko da yake haka muke magana a baki. Wani yana fahimtar da an sallame, wani kuma yana ganin duk abin da bai kai magariba ba bayan la'asar ne, sai a wayi gari rabin mutane sun zo 4:30, sauran sun shigo 5:30. Nakan haɗa biyun in ce, "ƙarfe 4:45 na yamma, bayan sallar la'asar, za a tashi kafin magariba." Agogon yana ɗaure mai son jinkiri, ambaton sallar kuma yana kwantar da hankalin wanda ke tsoron za a riƙe shi.

Haka nan ba na tambayar mahalarta ko akwai mai son a dakata don salla, domin tambayar tana sa kowa ya bayyana kansa a gaban jama'a. Ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗaga hannu ya katse babba ba, macen da take da uzuri ba ta son a lura da zamanta, abokan aikinmu Kirista kuma sai su ji kamar izininsu ake nema. Idan taron yini ne, ina sa layi a cikin ajanda tun farko: "1:30 zuwa 2:30, salla da abinci," sannan "4:00 zuwa 4:30, hutu da salla." Kowa ya fita tare, mai alwala ya nufi famfo, mai shayi ya nufi shayinsa. Abin da ya rage shi ne in sanar da mai jagorantar zaman tun da safe cewa zan miƙa masa 'yar takarda minti biyar kafin lokacin, don ya rufe batun da ake kai da kansa kafin muryar ladan ta shigo ta taga ana tsakiyar jawabin baƙo.