A Sana'armu, Ji Ne Yake Korar Gani

Mu huɗu ne a ofis, kuma aikinmu guda ne: masu sayar da kaya ta intanet su kawo mana shafinsu, mu gwada ko makaho, ko wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, zai iya sayen abu har ya biya kuɗi ba tare da ya kira wani ya taya shi ba. Muna duba sauran shafukan ma, amma inda muka fi daɗewa shi ne shafin biyan kuɗi. A nan ne mutum ya riga ya zaɓi kaya, ya fito da katinsa, sai shafin ya rufe masa ƙofa.

Abu na farko da nake yi idan aiki ya shigo shi ne in zare linzami in jefa shi cikin durowa. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, wurin malamina na gada. Makaho ne, tare muka yi aiki a wani kamfani lokacin ina ƙaramin mai gina shafuka, ina ji da kaina. Wata rana na gama wani fom na kai masa ina jiran yabo. Ya lalubo wayar linzamina ya cire, ya danna maɓallin allo ya kashe shi, ya tura mini abin saurare na kunne ya ce, "To bismilla, yaro, saya mini." Na ce, "Malam, ai ba na ganin komai." Ya ce, "Ni ma haka." Minti ashirin na yi ina dambe da fom ɗin da na rubuta da hannuna, ban kai ga biya ba. Manhajar karanta allo tana ta faɗin `edit, blank` sau shida a jere, ban san wanne ne gurbin suna ba, wanne ne na lambar waya, domin ban ɗaura wa ko ɗaya `label` ba.

Gwaji biyu muke yi, kuma ba ma haɗa su. Na farko da kibod kaɗai, allo a kunne. Na biyu da manhajar karanta allo: NVDA a kan Windows, wadda kyauta ce, sannan VoiceOver a kan iPhone, sai JAWS ko TalkBack idan mai aiki ya nema. Masu ciniki sukan tambaye ni me ya sa za su biya kuɗin gwaji biyu. Bari in ba da misali da aikin wani mai sayar da takalma da muka yi, shi zai amsa tambayar.

Shafin nasa kyan ɗan maciji ne. Na sa takalmi ɗaya a kwando, na fara danna `Tab`. Tun nan na lura ban san inda nake ba, domin mai zanen ya rubuta `outline: none`, ya goge zoben nan da burauza take zagaye abin da ka tsaya a kai, wai yana ɓata ado. Dole na riƙa leƙa ƙasan allo ina karanta adireshin mahaɗi don in gane matsayina. Na daure har na wuce gurbin lambar rangwame, ina sa ran in sauka kan maɓallin ci gaba. Sai na tsinci kaina a ƙasan shafi. Na koma da `Shift+Tab`, ya sake tsallake shi. Da na buɗe kod ɗin ga abin da na tarar:

```html
<div class="btn" onclick="next()">Ci gaba</div>
```

A ido maɓalli ne, kore, mai sheƙi. A wurin burauza kuwa akwati ne kawai da rubutu a ciki, `Tab` ba ya tsayawa a kansa. Abin lura a nan shi ne, mai amfani da NVDA zai iya tsira da kyar: idan yana bin shafin layi-layi da kibiyar ƙasa zai ji rubutun, manhajar ta ce masa `clickable`, ya danna `Enter` ya wuce. Amma mai gani wanda hannunsa ke rawa, kibod kaɗai gare shi, nan tafiyarsa ta ƙare. Da gwajin murya kaɗai muka yi, da mun rubuta matsalar a matsayin ƙarama. Gyaran bai fi minti biyu ba, a mayar da shi `button` na gaskiya, wanda tun asali yake karɓar `Tab`, yake amsa `Enter` da `Space`, kuma manhaja take kiransa da sunansa.

Wannan mai sauƙi ne, duk wanda ya yi wata uku a sana'ar zai kama shi. Inda gwanintar take shi ne abin da ke faruwa bayan an yi kuskure. Shi ya sa nake hana yarana cike fom daidai a karon farko. Nakan ce musu su bar gurbi ɗaya a fili, su rage lamba ɗaya a lambar kati, su sa ranar ƙarewar kati da ta wuce. Mai saye na gaskiya yana kuskure, kuma wanda ba ya ganin allo ba shi da hanyar sanin ya yi sai an gaya masa.

A shafin mai takalman na kashe allo, na cike adireshi na bar lambar waya, na danna ci gaba. Shiru. Na jira, ko tari manhajar ba ta yi ba. Na danna `Tab` don in ji inda nake, sai na ji ana karanta mini tambarin kamfani, wato can saman shafi. Da na kunna allo na ga abin da ya faru. Gurbin lambar waya ya yi ja, an rubuta gargaɗi a ƙarƙashinsa, mai ido ya gani nan take. Amma don a nuna wannan jan, kod ɗin ya rushe fom ɗin gaba ɗaya ya sake gina shi, har da maɓallin da nake tsaye a kai. Tunda abin da nake kai ya ɓace, sai na koma farkon shafi. Na ƙirga, sau talatin da ɗaya na danna `Tab` kafin in dawo cikin fom, kuma da na iso gurbin da ke da laifin, sunansa kawai aka faɗa, ba a ce da matsala ba. Mutum zai iya zagaya wannan da'ira sau uku yana zaton intanet ɗinsa ce ba ta da kyau.

Abin da muka rubuta wa mai gina shafin abu uku ne masu tafiya tare. Kada a rushe fom. Da zarar an gano kuskure, a kai mai saye kan gurbi na farko da ke da matsala. Sannan a ɗaure gargaɗin da gurbin, yadda za a karanta su a numfashi ɗaya:

```html
<label for="waya">Lambar waya</label>
<input id="waya" aria-invalid="true" aria-describedby="waya-k">
<p id="waya-k">Ba a sa lambar waya ba.</p>
```

Ya gyara, muka sake gwadawa. Yanzu kana danna maɓalli sai ka ji sunan gurbin, ka ji cewa abin da ke ciki bai yi ba, ka ji dalili. Haka muka yi da lambar rangwame, inda jimillar kuɗi take sauyawa a ɓoye. A nan ba a son a ɗauke mutum daga inda yake, sanarwa kawai yake buƙata, don haka `role="status"` ake sa wa wurin da saƙon zai fito. Akwai tarko a ciki da ya taɓa cinye mini yini guda: dole wurin ya kasance a shafin tun farko, fanko, daga baya a zuba rubutun. Idan aka jefo shi tare da saƙon lokaci ɗaya, sau da yawa manhajar ba ta cewa uffan. A takarda kod ɗin daidai yake, sai kunne ne zai gaya maka bai yi aiki ba.

Wannan ne ya sa raina yake ɓaci da masu zuwa mini da hoton maki ɗari daga Lighthouse, manhajar da ke gwada shafi da kanta, suna neman ragi. Mai takalman ma haka ya yi, ya ce, "Injiniya, na'ura ta ce shafina lafiya lau, me kuma za ka duba har kwana huɗu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na'urar ta taɓa sayen takalmi?" Ba raina kayan aikin nake ba, mu ma muna kunna axe kafin mu fara, yana kama hoton da ba bayani da rubutun da bai kai bambancin launi na 4.5:1 ba. Amma yana duba shafi ne yadda ya same shi. Ba ya yin kuskure a fom, ba ya jin shiru. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu sayar da layi ɗaya na kod, a liƙa a shafi, wani ɗan da'ira ya fito a gefe, wai shi ke nan an cika WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman. Tun da dokar Tarayyar Turai kan wannan ta fara aiki a ranar 28 ga Yuni 2025, masu sayar wa can kaya suka rikice, kasuwar waɗannan ta buɗe. Makaho ya riga ya zo da manhajarsa, ya saita ta yadda yake so. Abin da yake nema shi ne fom mai magana, ba wata muryar a kan tasa ba. Araha dai ba ta ado.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin matakin ƙarshe ba a hannun mai shafin yake ba. Guraben kati suna zuwa ne cikin `iframe`, wato wani ɗan shafi a cikin shafi, daga kamfanin karɓar kuɗi, tagar tabbatarwa kuma daga banki. Da na danna biya da katin gwaji, taga ta buɗe tana neman lambar da aka turo ta waya, ni kuwa an bar ni a bayanta, ina yawo cikin fom ɗin da ta rufe. Ba abin da ya sanar da ni ta buɗe, ga agogo yana ƙirga lokaci a kusurwa. Ƙa'idar WCAG ta ce inda aka sa wa'adi, a ba mutum damar kashe shi ko tsawaita shi, ko a gargaɗe shi a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, sai dai idan wa'adin dole ne ga aikin. Ko banki zai fake da wannan togaciya, ba abin da ya hana a faɗa wa mutum cewa ana ƙirga masa lokaci. Haɗarin shirun nan ya fi na baya, domin wanda ya danna biya bai ji komai ba, sake dannawa zai yi.

Abin da ke hannunmu mun gyara: aka sa wa kowane `iframe` suna da `title`, taga tana buɗewa a shigar da mutum cikinta, `Tab` ya riƙa zagayawa a ciki kaɗai, tana rufewa a mayar da shi inda ya baro. Maɓallin biya kuma ya daina karɓar danni na biyu, ana sanar da cewa ana kan aiki. Abin da ke cikin tagar kuwa, wasiƙa muka rubuta wa kamfanin kuɗin, da faifan muryar gwajin da matakan da za su bi su ga matsalar da kansu. Sati uku kafin su amsa, amsar kuma ita ce mu gwada wata burauzar.

Rahotonmu kullum da faifan murya yake tafiya, kuma kafin mu rufe aiki sai abokin aikinmu makaho ya yi sayayyar daga farko har ƙarshe, da saurin muryar da ni ba na iya bi. Shi ne ya kama abin da ya wuce ni a wannan aikin: shafin godiya yana fitowa, amma take ɗaya gare shi da shafin kwando, don haka ba ka jin ka sauya wuri, lambar oda kuma tana can ƙasa ba kanun da zai kai ka. Mai takalman ya biya cikakken kuɗinsa bayan ya saurari faifan farko da kunnensa. Wata biyu bayan nan ya kira, wai sun sauya zanen shafi, ko za mu ɗan leƙa masa kyauta. Na leƙa. Zoben ya sake ɓacewa.